Turken Ya'u Ladan

Ya'u mutumin Gafasa ne, masaƙi ɗan masaƙi. Ya dawo Gaya da zama wajen shekara talatin kafin Turawa su shigo Kano, shi da matarsa Hure da kayan saƙarsa a kan jaki. Karatunsa bai wuce izu goma ba, amma Allah ya ba shi murya, ga shi ba ya makara. Shi ya sa da ladanin unguwarsu ya tsufa aka ce Ya'u ya riƙa kiran salla.

Jikin masallacin akwai wani zaure da malamai biyu ke karantarwa a ciki. Malam Tukur shi ne mai Alƙur'ani da fiƙihu da hadisi. Malam Barau kuwa, wanda ya yi shekaru yana karatu a Barno, shi ke koyar da hisabi da sanin taurari da rubuta wasiƙa. Ɗaliban ɗaya ne, yawancinsu magidanta, marina da fatake da 'yan koli. Zauren ma ɗaya ne. Kowane malami kuma safiya yake so, lokacin da kai bai yi zafi ba.

Wata Asabar sai kowa ya shimfiɗa buzunsa a lokaci guda. Wannan yana bayanin abin da ke warware alwala, wancan yana raba ɗari tsakanin mutum bakwai. Malam Tukur ya tambayi wani marini farillan alwala nawa ne, mutumin ya ce, "Goma sha huɗu, saura biyu." Ranar nan sai da liman ya shiga tsakani.

Liman ya kira Ya'u ya ce, "Kai ne mai kula da rana. Ka tsara musu lokaci, kowa ya san nasa."

Ya'u ya ce, "Allah gafarta Malam, ni da ko Ishiriniya ban sauke ba?"

"Shi ya sa. Ba ka da ɓangare."

Kwana uku Ya'u yana zirga-zirga. Malam Tukur ya ce a hana kowa bayan asuba, na Alƙur'ani ne, wannan kuwa ba wanda ya yi musu. Malam Barau ya ce taurari ba sa fitowa da hantsi, a ba shi bayan magariba sau biyu a mako. Alhamis hutu ce, Juma'a ma haka, Laraba tun azahar ake tashi. Ranar kasuwa kuma ko an kafa darasi fatake ba za su zo ba, sai aka mai da ita ranar tilawa ga wanda ya samu dama. Abin da ya rage shi ne daga fitowar rana zuwa azahar, nan ne fa rigimar take.

Ya'u ya sami turke ya kafa a fili gaban zauren. Ya auna tsawonsa da igiya, ya zagaya da ita ya jera duwatsu. Ya ce da malamai, "Fiƙihu zai fara da fitowar rana. In inuwar turken nan ta janye ta shigo cikin duwatsu, sai a tashi, hisabi da wasiƙa su karɓa har in kira azahar."

Lokacin tsakiyar sanyi ne. Aka gwada, Malam Tukur ya ga nasa ya kusa ninka na abokinsa, ya sa wa Ya'u albarka. Malam Barau ya dubi turke, ya dubi sama, ya yi murmushi, ya ce shi ma ya yarda. Ya'u ya koma gida yana gaya wa Hure cewa ashe sulhunta malamai ba wuya.

Hure ta ce, "Malam, mutumin da aka ba kaɗan ya yi dariya, ni dai ban yarda da shi ba."

Wata biyu lafiya lau. Da zafi ya fara shigowa sai Malam Tukur ya lura babi ba ya ƙarewa. Yana cikin zakkar raƙuma sai ya ga ɗalibai suna leƙen waje, Malam Barau kuma tsaye bakin ƙofa da buzunsa a hammata. Da bazara ta yi tsakiya, abin ya kai har an kusa raba safiyar daidai.

Malam Tukur ya tare Ya'u ya ce, "Ladan, wani yana matsar da duwatsun nan."

Ya'u ya ɗauko igiya ya auna, daidai suke. Ya girgiza turke, bai motsa ba. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don ya ji an fara cewa Malam Barau ya ba shi riga. Ya kasa cin tuwo. Washegari ya sami Malam Barau ya ce, "Don Allah Malam, ka gaya mini gaskiya, me ke cinye inuwar nan?"

Malam Barau ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Ya ce, "Da sanyi rana ta kudu take ratsewa, inuwa ba ta saurin gajarta. Yanzu kuwa ta tsakiyar sama take bi. Kai da kake kiran azahar, ba ka ga kwanakin nan inuwarka a ƙarƙashin ƙafarka take ba?"

"Na gani. To tun farko ka sani?"

"Abin da nake karantarwa ke nan. Da Malam Tukur ya zauna mini sau ɗaya, da shi ma ya sani."

Kafin a gama wannan cacar baki damina ta sauka. Ranar da hadari ya rufe ba inuwa ko kaɗan, Malam Tukur ya rama, ya zarce da fiƙihu har azahar yana cewa shi bai ga ta shigo duwatsu ba.

Ya'u na zaune yana saƙa yana tunani sai ya lura cewa hannunsa ba ruwansa da hadari. Ya kwashe masaƙarsa ya kafa a rumfar ƙofar zauren. Ya ce fiƙihu zai ci iyakar lokacin da zai saƙa kamu shida, in ya cika ya buga ƙoshiyar saƙa a jikin itace sau uku, a canja malami. Ya kuma ce duk mako a juya, wanda ya fara wannan Asabar shi zai biyo baya a ta gaba. Liman ya sa aka rubuta tsarin a allo aka rataye.

Ba a daina dabara ba. In Malam Tukur ne a ciki, sai Malam Barau ya zo ya tsuguna yana yabon saurin hannun Ya'u, wai a Barno ma bai ga irinsa ba. In Malam Barau ne a ciki kuma ya ga ƙoshiya na gudu, sai ya aiko wa Ya'u da goro, a ce ya huta ya ɓare. Ya'u yakan karɓi goron da yabon duka, ya ci gaba da saƙarsa yadda ya saba.

Shekara goma sha tara ya yi a rumfar nan. Da yake kunnensa na cikin zaure kullum, bai ankara ba ya iya rabon gado ya kuma iya rubuta wasiƙa, har fatake suka riƙa kawo masa tasu. Da idonsa ya yi rauni ya bar saƙa, ya ce zai koma Gafasa wurin 'yan'uwansa. Malaman biyu, dukansu sun tsufa, suka rako shi har bayan gari. A hanya suna gardamar wanda zai yi masa addu'a da farko, Hure ta ce su yi tare don jaki ya gaji da tsayuwa, suka ɗaga hannu suka yi.