Maki bakwai a cikin jakar Yaya

Shekara goma sha tara Yayata ta yi a kan keken ɗinki kafin ta koma karatu, tana so ta zama malamar lissafi. 'Yan ajinsu na shekarar farko Mama suke ce mata. Kai dai Allah ya ba ta: ta dubi mutum sau ɗaya ta faɗi yadin da zai ishe shi. Taurin kai ma bai rage mata ba.

A makon farko malamin da ke yi musu bita ya raba takarda shafi ɗaya. Ya ce a rubuta abin da tambaya ta bayar da abin da ake nema, a kawo ƙa'idar kafin a zuba lambobi, kowane mataki da layinsa. Tambaya mai maki goma, bakwai na hanya ne, uku na amsa. Wanda ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe, makin hanyarsa na nan. A ƙasa ya ja layi biyu: "Abin da ba ya cikin littafin amsa, ba ni da ikon ba shi maki."

Yaya ta karanta ta taɓe baki. Ta ce mini ita ba ta taɓa miƙa wa mutum riga a juye ba, zare da tsumma ciki suke zama. Na ce jarrabawa ba riga ba ce, ta ce yaushe na yi wayo.

Karon farko ta faɗi jarrabawar lissafin, ta ɗora wa gajiya. Karo na biyu shi ne na ƙarshe, domin dokar makarantar ta ce wanda ya sake faɗuwa a darasin an sallame shi. Ta gyara, ta riƙa nuna aiki. Sai a tambayar ƙarshe, mai tsawo, hali ya dawo. Ta yi lissafin a bayan takardar tambayoyi, ta kwafe amsar kaɗai cikin littafin amsa, tsaf-tsaf.

Arba'in ake nema, ta ci talatin da shida.

Ni na raka ta ofishin malamin, wani ɗan ɗaki cike da kwalaye, fanka na ƙara. Ta zaro takardar tambayoyin daga jaka. Ya bi layukan da biro har ƙasa. Komai daidai, sai wurin kwafewa ta yar da alamar ragewa.

"Yanzu da a littafin na rubuta, nawa ke nan?" in ji ta.

"Bakwai," ya ce, idonsa a kan tebur.

Ta roƙe shi ya haɗa takardar. Ya ce abin da ya fita daga ɗakin jarrabawa ya fita ke nan. Na ji haushinsa har wuya, kuma na san gaskiyarsa ce, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ta koma kan keke. Takardar na cikin jakar har yau, ninki huɗu, ba ta yar ba, ba ta kuma sake buɗewa ba.