Jar Takarda da Keken Baba

A makarantarmu ta Mubi jar tawada faɗuwa take nufi, kuma na fi kowa saninta. Shi ya sa da akawun kantin da muke sarin kaya ya kawo wa Baba takardu biyu, ja da baƙa, na kurma ihun da aka ji har garin Digil: "Baba, mun faɗi!"

Nan take Baba ya soma zancen sayar da kekensa don biyan bashin kanti.

Akawu ya ce, "Alhaji, jar takardar kiredit not ce, an rage maka kuɗin jiƙaƙƙen gishirin da ka mayar. Baƙar ce debit not. An manta kananzir a lissafin farko, yanzu an ƙara."

Ƙarin ya ninka ragin. Baba ya zauna daɓas kan buhu, baki buɗe. Keken dai ya tafi.