Ba Roƙo Muka Zo Yi Ba

Shekara talatin ina sayar da man gyaɗa a kasuwar Matameye. Ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Da man nan na yi wa autata karatu har ta zama malama.

Shekara tara ta yi tana koyar da Faransanci a wajen Dawce, a kan kwantiragi. Ran nan ta dawo da akwatinta, ta ce ta gaji, za ta koyar ta intanet, ta riƙa rubuta wa mutane darussa. Na ce to.

Akwai wani shafi da masu neman malami ke shiga su zaɓa. Kowane malami yana sa hotonsa da ɗan bayani a kansa. Baffanta, ƙanen marigayi mijina, tsohon magatakarda ne, shi ya zaunar da ita suka rubuta nata. Sati uku babu wanda ya ko yi mata sallama.

Wata Juma'a da hantsi Baffa ya shigo ina suyar ƙuli. Ya ce daraktan makarantarsu ya riƙe mata gurbinta zuwa Litinin, in ba ta je ba, a ba wani.

Na ce da ita, "Ke, karanta mini abin da kuka rubuta. Da Hausa."

Ta buɗe shafin a na'urarta ta fara: "Ina mai farin cikin gabatar da kaina cikin ladabi a gaban girmanku, ina roƙon alfarmarku..."

"Wa ya mutu?"

"Inna, haka ake fara takardar neman aiki."

"Ci gaba."

Sai sunayen makarantu, da shekarun da ta karɓi takardu. A ƙarshe wai tana iya kowane irin aiki, tana jiran amsa mai daɗi.

Na tambaye ta ko masu saye suna karanta wannan duka. Ta ce layi biyu na farko kaɗai ke fitowa, sai wanda ya ga dama ya taɓa ya ga sauran.

Na ce, "Wato kin kasa kaya, kin sa gaisuwa a gaba, man yana ƙarƙashin tebur."

Baffa ya ce, "Yaya, wannan ba kasuwa ba ce. Yabon kai jahilci."

"Jahilar ce ta biya kuɗin biron da ka yi rubutun da shi."

Na sauke kaskon.

"Me kika fi iyawa? Ɗaya."

Ta ce, yaron da ke jin Faransanci amma ya kasa rubuta shi, ga jarrabawa ta matso.

"Wa ke biya?"

"Iyayensa."

"To da su za ki yi magana. Rubuta."

Ta rubuta, ta goge, ta sake. Kunya ke riƙe mata hannu, don ba mu saba cewa na iya ba. Ta sa "ina fata zan iya", na sa ta cire fatan. Abin da ya tsaya ta juya mini shi haka:

"Ɗanku yana jin Faransanci amma rubutu na ba shi wuya? Ina shirya ɗalibai jarrabawar ƙarshen kwaleji, ɗaya bayan ɗaya, ta bidiyo. Na yi shekara tara a aji. Ina kuma rubuta wa malamai darussa da atisaye tare da amsoshinsu."

Takardun karatun suka koma ƙasa, layi guda. Na ce ta sa ɗanɗano, don ba a sayen mai sai an shinshina. Ta liƙa darasi ɗaya da ta rubuta da kanta. Ta faɗi awoyin da ake samunta, waɗanda ta san layin intanet ba ya yanke mata. Ta rufe da cewa a turo mata shafi guda na rubutun yaron, ta faɗi inda za su fara.

Baffa ya leƙo. "To ku ƙara Ingilishi mana, ai nan kuɗin yake."

"Ta iya?"

Ya ce, "Kaɗan-kaɗan."

"Ban taɓa surka maina ba."

Ya kaɗa riga ya fita, yana cewa za mu gani.

Litinin ta zo, ba saƙo. Ta yi wanka, ta sa kayan aiki, ta tsaya a bakin ɗaki tana kallona. Ban ce tafi ba, ban ce zauna ba. Ta cire takalmin ta koma ciki.

Ran Alhamis wata mata ta turo hoton rubutun ɗiyarta, duk jan biro. Mutum ɗaya tak. Baffa ya aiko a ce mini ɗaya ba ciniki ba ne. Na ce a gaya masa da kwalba ɗaya na fara.