Kwandon Ƙasa da Akwatunan Kawu

Duk tumatirin da ya lalace a gidanmu, ni ake ɗora wa laifi. Ni nake raka kayan Baba daga lambunmu na Gagarawa zuwa kasuwar Maigatari, a bayan a-kori-kura, kwanduna wani kan wani. Kafin mu isa, kwandon ƙasa ya zama miya, gishiri kawai ya rage a zuba.

"Zama kake yi a kai," in ji Baba. Na rantse har na gaji. Ni da ko akuya ba ta jin nauyina!

Kawuna direba ne ya cece ni. Wata rana ya zo da akwatunan roba masu huji-huji, ya ce, "Yaya, ƙyale yaron nan. Kwandon sama ke danne na ƙasa, tsinken kwando ya huda tumatirin, rana ta ƙarasa aikin. Waɗannan kuwa bakinsu ke ɗaukar nauyi, iska kuma tana shiga." Ya sa muka tsinki waɗanda ba su gama nuna ba, muka ajiye a inuwa, muka kama hanya da asuba.

A kasuwa Baba ya zazzage akwatin ƙasa da kansa, yana neman fasasshe kamar mai neman allura a rairayi. Uku kacal ya samu. Bai ba ni haƙuri ba, amma ya saya mana tsire. Na miƙa wa Kawu tsinken da ya fi kitse, Allah ya saka masa da alheri.