Fayil Ɗaya na Kawu Waƙafi

Ƙanin mahaifiyata ne, amma tun ina yarinya ban taɓa jin wani ya kira shi da sunan yanka ba. Kawu Waƙafi, haka kowa ke cewa, har matarsa idan ya ba ta haushi. Sunan ya samo asali ne daga halinsa: ko katin gayyata ka miƙa masa, kafin ya duba rana sai ya fara nemo inda aka manta waƙafi. Ni kuwa Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

Shekara ashirin da shida ya yi yana akawu a wani kamfanin haɗa kujeru da gadaje. Ofishinsa wani ɗan ƙurmusasshen ɗaki ne a saman bene, taga ɗaya tana kallon wurin yankan katako, garin katako kuma kullum sai ya hau ya kwanta masa a kan madannai. Da tafireta ya fara. A wancan zamanin idan ya gama buga takarda mai kyau, sai ya yayyaga ta gwaji ya zuba a kwando, don kada wani ya ɗauki wadda ba ita ba. Da kwamfuta ta zo, bai sauya hali ba. Takarda ɗaya, fayil ɗaya. Ranar da ya leƙa tawa kwamfutar ya ga "wasiƙa", "wasiƙa sabuwa", "wasiƙa ta ƙarshe", "ta ƙarshen ƙarshe", sai ya riƙe baki.

"Uwata, wannan kwamfuta ce ko bola?"

Abu ɗaya ya ƙaunata a kwamfuta, shi ne jan layi. A manhajar rubutu akwai maɓallin da idan ka kunna, duk wanda ya taɓa takardar sai sawunsa ya fito: abin da ya goge a ja masa layi ta tsakiya, abin da ya ƙara a ja masa ta ƙasa, a gefe kuma ga sunansa da lokacin da ya yi. Mai takarda sai ya bi ɗaya bayan ɗaya, ya karɓa ko ya ƙi. Ni na koya masa, don aikin sakatariya nake yi. Ya ce tunda aka ƙera kwamfuta ba a sa mata abu mai mutunci irin wannan ba. Daga ranar ya daina karanta takarda sau biyu. Ja kawai yake bi.

A kamfanin akwai wani mai yankan katako da ake kira Dogo, ya kai shekara goma sha ɗaya a kan injin guda. Wata Talata da hantsi zarton injin ya cire masa yatsu uku a hannun dama. Kawu ne ke rubuta rahoton duk wani hatsari, don haka ya sauka, ya tambayi waɗanda ke wurin, ya hau ya rubuta shafi huɗu. A shafi na uku ya sa abin da kowa ya sani: murfin kariyar zarton ya karye mako biyu da suka wuce, an cire shi don a kai gyara, an kuma ce a ci gaba da aiki a haka.

Ya kunna jan layi, ya sa fayil ɗin a filash, ya kai wa manaja da ƙafarsa. Washegari filash ya dawo. Manaja ya yi gyaransa a kan fayil ɗin da ke ciki, bai sauya masa suna ba. Kawu ya kwafo shi zuwa kwamfutarsa. Ta tambaye shi, akwai fayil mai wannan suna, a maye gurbinsa? Ya ce a maye, kamar yadda ya saba cewa. Ya buɗe, ya ga ja a wuri uku: kwanan wata, lambar injin, da wani waƙafi da aka ƙara, wanda har ya ɗan ji kunyarsa. Ya karɓi dukkansu, ya fitar da takarda, ya sa hannu.

Bayan mako uku kwamitin ladabtarwa ya zauna, aka kira Kawu. Shugaban kwamiti ya karanta shafi na uku da ƙarfi. Takardar ta ce ma'aikacin ne ya cire murfin da kansa don ya yi sauri. Idan maganar ta tabbata, Dogo zai rasa aikinsa da sunan sakaci.

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ba haka na rubuta ba."

"Wannan ba sa hannunka ba ne?"

"Nawa ne."

"To mu wannan kaɗai aka ba mu. Idan akwai wani kafinsa, kawo mu kwatanta. An ba ka kwana uku."

Da rana tsaka ya zo ofishina, abin da bai taɓa yi ba. Jakar kwamfuta a hannu, filash a aljihun gaba. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Uwata, kin taɓa cewa ana iya jera takardu biyu kwamfuta ta nuna bambancinsu."

Ana iya yi. Na buɗe masa wurin kwatantawa. Gurbi biyu ne, ɗaya na takardar asali, ɗaya na wadda aka gyara. Idan ka cika su, manhajar sai ta fito da ta uku mai ɗauke da duk bambancin a ja, ko da wanda ya yi gyaran bai kunna komai ba. Ya ce a sa na kwamfutarsa a gurbin farko, na filash a na biyu. Na sa. Ja ya fito a wuri uku, nan dai inda ya sani, domin na filash ba a karɓi gyaransa ba tukuna. Muka gangara shafi na uku. Baƙi ƙirin, babu ko ɗigon ja. Dukkan fayilolin biyu suna cewa Dogo ne ya cire murfin.

"Kawu, ai waɗannan abu ɗaya ne. Ina naka na farko?"

"Shi ne wannan."

"A'a. Wannan wanda ya dawo ne. Ina wanda ka aika?"

Ya ƙura wa allon ido.

"To ina jan?" ya ce. "Na kunna kafin in kai masa. Na tabbata na kunna."

Na yi masa bayanin da ya kamata in yi masa shekara shida da suka wuce. Maɓallin nan yadda kake kunna shi haka wani zai kashe shi. Sai ya yi gyara uku maɓallin yana kunne don ka ga ja hankalinka ya kwanta, ya kashe, ya sauya abin da yake so, jan da ya riga ya fito kuma yana nan bai tafi ko'ina ba. Ana iya kulle shi da kalmar sirri don kada a kashe. Ko babu wannan, da ka ajiye kwafinka gefe ɗaya, kwatantawar minti ɗaya za ta tona komai. Ina faɗa ina jin haushin kaina, don ni na nuna masa rabin abu na bar rabi. Shi kuwa kai kawai yake gyaɗawa, kamar ana ba shi labarin wani.

Mun nemi fayil ɗin farko ko'ina. Bai aika ta imel ba, balle a duba akwatin aikawa. Kwamfutar ba ta ajiye tarihin fayil, ba a taɓa saita ta da hakan ba. Kwandon sharar kwamfuta fes, don fayil ɗin da aka maye gurbinsa ba ya faɗawa can. Mai gyaran kwamfuta da muke hulɗa da shi ya yini a kanta, ya ce an yi ta rubutu a kai tun tuni. Takardar da ya yi rubutun hannu a kai ranar hatsarin kuwa, ba sai na tambaya ba. Tana kwando tun ranar.

A rana ta uku ya sake zuwa da wani fayil. Ashe zama ya yi ya sake buga rahoton daga ka, shafi huɗu cur. Ya ce in kwatanta. Na ce, "Kawu, wannan ba hujja ba ce, yau ka rubuta shi." Ya ce ya sani, yana so ya gani ne kawai. Na kwatanta. Ja ya cika shafukan gaba ɗaya, domin babu mai iya tuna shafi huɗu kalma da kalma. Jimlar murfin tana can a tsakiya, ba ta fi sauran ja ba. Ya daɗe yana kallo.

"Ko 'an cire' na sa, ko 'ya karye'?" ya tambaye ni. "Wanne na fara sawa?"

Ban sani ba. Ban taɓa ganin takardar ba.

Kwamiti ya saurare shi cikin ladabi. Manaja ya ce shi gyara uku ya yi, ga su nan da sunansa da lokaci a filash, wanda kuma gaskiya ne ga su nan. Waɗanda suka ba Kawu labari ranar hatsarin kowa ya ce bai tuna sosai ba. Aka sallami Dogo. Kawu ba a ce masa komai ba, ko takardar gargaɗi.

Ya ci gaba da zuwa aiki shekara biyu har ya yi ritaya. Bai yi faɗa da kowa ba, bai yi rashin lafiya ba. Matarsa ta ce yana cin abinci, yana barci, idan an yi magana yana amsawa. Sai dai ranar da na miƙa masa katin bikin ƙanwata, da kuskure ƙuru-ƙuru a layin farko, ya duba rana ya ce Allah ya kai mu, ya ajiye. Na so in yi kuka a wurin, kukan ma bai zo ba. Na leƙa kwamfutarsa daga baya, fayil ya yi mata yawa har hoton bangon ba ya ganuwa, kowanne da kwanan wata a wutsiya. Ban tsokane shi ba.

Sau ɗaya suka haɗu da Dogo, ina wurin. Na kai Kawu asibitin ido, muna zaune a benci muna jiran layi, sai ga dogon mutum ya tsaya a kanmu, hannun dama a cikin aljihu. Ba alamar faɗa a fuskarsa. Ya gaishe mu, ya tambayi gida.

"Malam Akawu, an ce wai akwai wata takarda kafin wadda aka ba ni."

"Akwai."

"Me ta ce?"

"Ta ce ba kai ka cire ba."

Dogo ya gyaɗa kai. "Ni ma na san wannan. Ina so ne in nuna wa yarana. Tana wurinka?"

Kawu ya taɓa aljihun gaba, inda filash yake zama. Ya sauke hannun.

"Na share," ya ce.

Aka kira lambar Kawu. Bai tashi ba, sai da na kama hannunsa.