Rigar Baba ta ƙi miƙewa

Jiya a kasuwar Tanut na kai wa tela babbar rigar marigayi Baba don ya rage mini ita. Ya sanya wa mutum-mutumin shagonsa, wanda ko fuska babu, ya ɗora masa hula kube.

Da ya naɗe hannuwan bisa kafaɗa, sai rigar ta zubo, ta karkata dama. Ya gyara, ta koma. Zaren adon aska takwas kuwa ya kwanta a bakin aljihu, inda Baba ke dafa ƙirji in yana gaisuwa.

Tela ya ce, "Alhaji, in na yanka, karkatar nan za ta tafi."

Na ce, "Malam, ajiye almakashin. Haka Baba yake tsayuwa."

Na dawo da ita gida, har yanzu ta yi mini yawa. Ku fa, wane kaya kuka kasa taɓawa?