Soɓorodon Inna da kular tuwo

Shekarar da zan kammala digirina na kimiyyar sinadarai, ina koyarwa a wata sakandare a Rabah, ƙarshen mako kuma in koma gida Wurno. Aikin kammalawar da na zaɓa a kan soɓorodon (zoɓon) da Inna ke sayarwa ne, wato saurin koɗewar jan launinsa idan ya ji zafi. Abokan karatuna sun yi mini dariya, wai na mayar da digiri sana'ar gida. Ban kula su ba, sai dai na ji haushi.

Abin da ake nema shi ne makamashin farawa, wanda muke rubutawa Ea. Kamar tudu yake, sai ƙwayoyin launin sun samu ƙarfin haye shi kafin su lalace. Ba a auna shi kai tsaye. Ana samo lambar saurin koɗewa, k, a zafi biyu, sannan lissafi ya fitar da shi. Na aro na'urar auna kaurin launi mai batir, na saka kwalbar soɓorodo ɗaya cikin randar Inna, inda ruwa ke zama kusan digiri 25, ɗayar kuma na ɗora bisa katanga, inda ma'aunin zafi ya nuna 45 da azahar. Ta randa ta ba ni k 0.005 a awa, ta katanga 0.05. Ninki goma ke nan.

Lissafin kam ban yi kuskure ba. Na mayar da zafin zuwa ma'aunin Kelbin, 298 da 318. Ɗaya bisa 298 a cire ɗaya bisa 318 ya ba da 0.000211. Na ɗauki logaridim (ln) na goma, 2.303, na ninka da tsayayyiyar lambar R, 8.314, na raba da wancan. Ya fito kusan kilojul 91 a kowane mol. Na kai wa malamin da ke duba aikina a Sakkwato ina ta washe baki.

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce lambar ta yi sama da abin da ya saba gani ga irin wannan launi, sannan ya tambaye ni ko da hannuna na auna. Na gane nufinsa, kuma ya yi mini ciwo. Ya ba ni kwana goma, in ban kawo abin da zan iya karewa ba sai baɗi.

A mota na yi tunanin rage lambar katanga da biro. Wa zai sani? Ba zan ɓoye ba, na yi wannan tunanin har Wurno.

Inna ta same ni tsakar gida na tasa kwalabe gaba. Na yi mata bayani sama-sama, irin na mai ganin ba za a gane ba.

Ta ce, "Wagga bisa katanga kinka aje ta? Ke da karatunki? Kin taɓa ganin na shanya soɓorodo ga rana? Hasken rana shi ka cinye ja, ko babu zahi."

Sai na gano kuskurena. Kwalbar randa tana cikin duhu, ta katanga tana shan zafi da haske tare, ni kuma na ɗora wa zafi laifin duka. Ga shi ma 45 ɗin na azahar ne kawai, da hantsi bai kai ba. Lissafin yana so zafi kaɗai ya bambanta, kuma ya tsaya wuri guda.

"To mi za ki yi?" in ji ta.

Ba ni da tukunyar lantarki mai riƙe zafi. Inna ta juye tuwo daga babbar kularta, muka zuba ruwan ɗumi, muka nutsa kwalbar, muka rufe. Daga asuba zuwa magariba, kwana uku, ina auna launi, ita tana gadin ma'auni. Ba ta karanta boko, sai na ɗaura zare a kan 45. Da ya sauka ƙasan zaren sai ta ƙara ruwan zafi daga buta, tana mitar cewa ko jinya ba ta taɓa yi wa wannan hidima ba.

Sabon k ya fito 0.020, ninki huɗu na randa. Na sa 1.386 a gurbin 2.303, amsa ta dawo kusan kilojul 55. Na maimaita lissafin sau uku don daɗi kawai.

Malamin ya karanta har inda na rubuta dalilin watsar da awon farko. Ya ce wannan shafin ya fi sauran daraja, kada in cire shi, ya sa hannu. Ya tambayi wanda ya ankarar da ni batun haske, na ce mai gadin ma'aunina.

Da na gaya wa Inna an karɓa, ta yi hamdala, ta ce in an ba da takardar digirin a yanko mata rabonta. Har yau zaren yana ɗaure a ma'aunin, da shi nake koyar da ɗalibaina.